Fuskar Aro: Yadda 'Yan Damfara Ke Farauta da Hoton Wanda Babu Shi

Wata ranar Asabar da la'asar, wani abokin yayana mai sayar da kayan gyaran babura ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, kai da ka san kan abubuwan nan, duba mini wannan baiwar Allah." Hoton wata farar mace ce mai kimanin shekara talatin, tana ɗan murmushi, gashi ya zubo mata har kafaɗa. Ta gaya masa tana aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Singafo, mijinta ya rasu, kuma tana sha'awar sanin Musulunci. Mako biyar ke nan suna hira safe da dare. Na ce, "Alhaji, ta taɓa neman wani abu a wurinka?" Ya ce ko sisi. Ita ce ma take son koya masa yadda ake juya kuɗi a kirifto, kuma sun yi waya ta bidiyo har sau biyu, ya gan ta da idonsa.

A da maganar nan ta ƙarshe ta isa ta rufe bakin kowa, domin mu mun tashi da cewa gani ya kori ji. A kan wannan amanar da muka ba ido ne sana'ar nan ta kafu. Na daɗe ina duba wayar tasa, kuma abin da na yi masa bayani a ranar shi nake son shimfiɗawa a nan.

Hoton da ɗan damfara ke sawa a asusunsa iri uku ne, kuma kowane iri da inda asirinsa ke tonuwa. Mafi daɗewa shi ne hoton sata. A shiga shafin wani soja ko likita ko wata mai tallar kayan kwalliya, a kwashe hotunansu, a laƙa musu sabon suna. Wannan yana da sauƙin kamawa, tunda mai fuskar yana nan da ransa kuma hotonsa yana wani wuri a intanet. Sai ka ɗauki hoton ka saka a Google Lens ko TinEye, su nemo maka wasu wuraren da ya taɓa fitowa. In ka ga fuska ɗaya da suna uku a ƙasa uku, magana ta ƙare. Masu wayo kan juya hoton dama ta koma hagu, ko su yanke gefensa, don haka yana da kyau ka juya shi kai ma ka sake nema.

Da na saka hoton matar Alhaji, babu abin da ya fito. Ya yi murmushi kamar wanda ya ci shari'a. Na ce masa ya dakata, domin shirun nan ma abin tambaya ne. Mace mai aiki a babban kamfani, mai shekara talatin, a ce babu inda fuskarta ta taɓa fitowa, ko a taron ofis ko a bikin ƙawa?

Nan ne iri na biyu ya shigo, wato fuskar da na'ura ta ƙirƙira. A ƙarshen 2018 masu bincike na kamfanin Nvidia suka fitar da wata fasaha mai suna StyleGAN. An ciyar da ita hotunan fuskokin mutane 70,000 da aka tattaro daga shafin Flickr, har ta koyi yadda ido da hanci da fata suke haɗuwa su ba da mutum. A Fabrairun 2019 wani injiniya, Philip Wang, ya buɗe shafin thispersondoesnotexist.com, inda duk sabuntawa ɗaya sai sabuwar fuska ta fito, ta wanda ba a taɓa haifa ba. Kyauta ne, kuma ba ya buƙatar wani ilimi. Ga ɗan damfara wannan gagarumar garaɓasa ce. Babu mai fuskar da zai kai ƙara, babu kuma inda injin nema zai gano ta.

Sai dai na'urar tana da tabonta. Kafin a ciyar da ita hotunan nan, an daidaita su duka yadda idanu za su zauna a wuri ɗaya, don haka fuskokin da take haifarwa ma idanunsu kusan a wuri ɗaya suke cikin murabba'in hoton, ko da kan ya karkata. In ka jera irin waɗannan hotuna goma ka ɗora su a kan juna, idanun za su haɗu. Sannan ta ƙware a fuska amma ta yi rauni a duk abin da ke kewaye da fuska, domin ba ta san mene ne ɗan kunne ba, ta dai san wani abu mai ƙyalli kan fito kusa da kunne. Shi ya sa ake samun ɗan kunnen dama daban da na hagu, ko ɗaya ya ɓace. Ƙafar tabarau ta narke cikin fata. Silin gashi ya tashi daga goshi ya ƙare a iska. Bayan hoton ya zama wani dishi-dishi wanda ba ɗaki ba, ba lambu ba. In kuwa wani ya raɓo ta gefe, fuskarsa kan fito a murɗe kamar ta dodo.

A 2022 wata mai bincike a Jami'ar Stanford, Renée DiResta, ta sami saƙo a LinkedIn daga wata mai suna Keenan Ramsey. Abin da ya fara ɗaukar hankalinta shi ne ɗan kunne ɗaya babu, gashi yana ɓacewa yana dawowa, idanu kuma a tsakiyar hoto cif. Da ita da abokin aikinta Josh Goldstein suka bi sawu, suka tarar da asusu sama da 1,000 masu irin wannan fuska. Waɗannan galibi talla ake yi da su, amma dabarar ita ce dai wadda masu damfarar soyayya ke amfani da ita.

Na buɗe hoton matar Alhaji da yatsu biyu har ya cika fuskar waya. Ɗan kunnen dama zagaye ne, na hagu kuwa dogo mai lilo. Ya ce ai yayi ne na matan yanzu. Ban yi masa musu ba, tunda akwai masu yin haka. Sai na tambaye shi hoto nawa ta taɓa turo masa. Ya lissafa, sha ɗaya. Wannan tambayar ta fi ta ɗan kunne nauyi. Tsohuwar na'urar nan fuska ɗaya take bayarwa sau ɗaya, samun mutum guda a wurare daban-daban yana da wuya a gare ta. Wanda yake da hoto sha ɗaya, a mota da ofis da bakin teku, to da wani kayan aikin ya yi su.

Shi ne iri na uku, musanyar fuska. A sami hoton wata mace ta gaskiya, a bar jikinta da tufafinta da ɗakinta, a cire fuskar a ɗora wata. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, mafi yawan manhajojin nan daga goshi zuwa haɓa kawai suke canjawa. Kunne da wuya da hannu da gashi na mai jikin ne. Don haka in ana son gane su, barin tsakiyar fuska ake yi a koma iyakokinta. Na jera hotunan guda huɗu na ce Alhaji ya manta da idanun, ya dubi kunnuwa. A ɗaya ƙasan kunnen manne yake da kumatu, a wani kuma sake yake. A hoton mota akwai ɗan baƙin tabo a wuyanta, a na bakin teku, inda wuyan ya fi fitowa, babu shi. Yatsun da ke riƙe da kofi gajeru ne masu kauri, waɗanda ke kan sitiyari dogaye. Kunnen mutum ba ya canja siffa daga Litinin zuwa Juma'a. Fuska ɗaya ce aka yi ta yawo da ita a kan jikin mata daban-daban.

Haske ma yakan ba da shaida. Rana ta bugi kafaɗa daga dama, amma inuwar hanci ta faɗi kamar hasken daga gaba yake. Fatar fuska sumul kamar ta 'yar tsana, ta wuya kuma da layukanta. Wani lokaci akwai siririn layi a gindin gashi ko ƙarƙashin haɓa inda launi biyu suka haɗu ba su gauraya ba.

Saura bidiyo, wanda shi ne ginshiƙin hujjar Alhaji. Yau ana iya ɗora fuska a kan fuska ana tsakiyar waya. A Afrilun 2024 mujallar WIRED ta ba da rahoton yadda 'yan Yahoo ke yin haka, wani lokaci da waya biyu kawai da fitilar zobe: ɗaya tana canja fuska, ɗayar tana ɗaukar abin da ta farkon ke nunawa tana aika wa wanda ake zawarci. Ɗan damfarar yana motsa baki da gira, fuskar aron tana binsa. A Oktoban shekarar ne 'yan sandan Hong Kong suka kai samame wani ginin masana'antu a unguwar Hung Hom, suka kama mutum 27, maza 21 da mata 6. Sun ce gungun ya karɓe kusan dalar Amurka miliyan 46 daga maza a Taiwan da Singafo da Indiya da wasu ƙasashen Asiya. Suna da littafin koyar da yadda ake jan ra'ayin mutum, sun ɗauki matasan da suka gama jami'a aiki, kuma duk lokacin da wanda ake farauta ya nemi ganin masoyiyarsa, sai a kira shi ta bidiyo da fuskar musanya. Bayan ya sakankance sai a nuna masa wani dandalin kirifto na bogi.

Na tambayi Alhaji yadda wayar tasu ta kasance. Ya ce ba ta wuce minti biyu ba, hoton yana ɗan daskarewa, ta ce sabis ne babu kyau a ofis. Tana zaune tana kallon kamara kai tsaye, ba ta tashi ba, ba ta waiga ba. Duk wannan ya dace da abin da aka sani. Manhajar tana bin wasu maki ne a fuska, kusurwar ido da bakin hanci da gefen leɓe. Muddin tana ganin su duka, abin yana tafiya. In mutum ya juya kai gefe gaba ɗaya, rabin makin sun ɓace, sai fuskar ta yi rawa ko ta zame. In ya wuce da tafin hannu a hankali ta gaban fuskarsa, yatsun kan narke, ko fuskar aron ta hau kan hannun. Kunna fitila ko matsawa kusa da taga ma yakan rikita ta na ɗan lokaci. Saboda haka wanda ke shakka ya nemi waɗannan a cikin raha: "Juyo in ga kitson naki ta gefe." Mai gaskiya zai yi dariya ya juya. Ɗan damfara sai sabis ya ɗauke.

Dole in faɗi iyakar duk abin da na lissafa, domin rashin faɗinsa cutarwa ce. Waɗannan alamu suna tsufa da sauri. A 2022, lokacin da sababbin manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bazu, ana gane hotunansu da yatsu shida da rubutun da ba ya karantuwa. Yau galibi sun gyara wannan, kuma suna iya fitar da mutum guda a wurare da yawa. Gwajin juya kai ma sababbin manhajoji sun fara tsallake shi. Ƙari a kan haka, WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage masa inganci, sai ƙananan kurakuran su ɓace. A ɗaya gefen kuma, 'yan matanmu na gaskiya suna shafa wa hotonsu tacen kwalliya har fata ta koma sumul, don haka sumul ɗin fata kaɗai ba ya tabbatar da laifin kowa.

Idonmu ma bai kai yadda muke zato ba. A wani bincike da Sophie Nightingale da Hany Farid suka wallafa a 2022, an nuna wa mutane fuskokin gaskiya da na ƙirƙira, suka dace a kashi 48 cikin ɗari kawai, wato daidai da mai canki-canka. Waɗanda aka koya wa alamun suka kai kashi 59. Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken shi ne, mutanen sun ɗan fi yarda da fuskokin ƙirƙira a kan na gaskiya. Wataƙila saboda na'ura tana fitar da fuska madaidaiciya, wadda ta yi kama da kowa, kuma rai ya fi sakewa da abin da ya saba gani.

Akwai kuma inda babu wata na'ura sam. A sansanonin damfara na Myanmar da Kambodiya, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce ana tilasta wa aƙalla mutum 120,000 a ta farko da kusan 100,000 a ta biyu yin wannan aiki, akan ajiye mata na gaskiya waɗanda aikinsu amsa wayar bidiyo ne kawai. Namiji ne ke rubuta saƙonnin dare da rana, in an nemi gani sai a kira mai fuskar ta zauna. Ita ko ta juya kai sau goma babu abin da zai zame. Hukuncina a nan shi ne, hoto yana iya kama maƙaryaci, amma ba ya iya wanke kowa. In ka ga aibi, ka gama. In ba ka gani ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna.

Wani lokaci ma aibin a fili yake, zuciya ce ta riga ta rufe ido. A Janairun 2025 gidan talabijin na TF1 a Faransa ya nuna labarin wata mata mai shekara 53 da ta aika Yuro 830,000 ga waɗanda suka ce mata su ne ɗan wasan fim Brad Pitt, wai yana kwance a asibiti da ciwon ƙoda, kuma an rufe masa asusu saboda shari'ar rabuwarsa da matarsa. Hotunan asibitin da aka turo mata ba su da wani inganci, duniya ta yi ta yi mata dariya. Ni ban ga abin dariya ba. An shafe sama da shekara ana mata magana mai daɗi kullum, a lokacin da aurenta ke tangal-tangal. Wanda aka yi wa irin wannan kiwo ba da idon baƙo yake kallon hoto ba.

Kiwo kuwa shi ne sunan abin. 'Yan Sin da suka ƙware a wannan salo suna kiransa da kalmar da ke nufin yankan alade, wato a ciyar da dabba ta yi ƙiba kafin a sa mata wuƙa, kamar yadda muke turke rago watanni kafin layya. Fuska ƙofa kawai take buɗewa. Abin da ke biyo baya tsari ne da kusan ba ya canjawa, kuma shi ya fi kowane ɗan kunne saurin tona asiri. Saƙo ya zo kamar bisa kuskure. A yi maza a ce a koma WhatsApp ko Telegram, inda babu mai sa ido. Makonni ana gaisuwa da tambayar lafiyar yara, ba a maganar kuɗi. Sai a fara nuna hoton riba, ba tare da an ce ka shiga ba, har kai da kanka ka tambaya. A turo maka adireshin wata manhaja, ka zuba ɗan kaɗan, ka ga ya hau, a bar ka ka cire. Cirewar nan ta farko ita ce tsaba. Lambobin da ke hawa a fuskar waya su ne ke rubuta su, babu kasuwar da ke bayansu. Ranar da ka zuba babba ka nemi cirewa, sai a ce sai ka biya haraji, bayan haraji kuɗin tantancewa, har aljihu ya bushe. Bayan nan wani kan ɓullo ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya kaɗan. Sau da yawa su ne dai.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce ya riga ya zuba naira dubu hamsin, ya ga ta koma dubu sittin da biyar cikin kwana huɗu, ya kuma cire ta lafiya. Ranar Litinin yake shirin zuba miliyan biyu daga kuɗin kaya. Na ce, "Alhaji, a kasuwarku wane kaya ne ke kawo ribar kashi talatin cikin kwana huɗu, kuma mai shi ya bi baƙo har gida yana roƙonsa ya zo ya ci?" Banza ba ta kai zomo kasuwa, shi ma ya sani.

Kada a ɗauka abin na nesa ne. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene mai hawa bakwai a Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792, cikinsu 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce ana ɗaukar matasan Najeriya aiki, a ba su kwamfuta da waya da asusun bogi, su yi ta zawarcin mutane a Amurka da Kanada da Turai, in kifi ya kamu sai manyan su karɓi ragamar hirar. Wato 'ya'yanmu suna cikin waɗanda ake farauta, suna kuma cikin waɗanda ake saka wa fuskar aro su yi farautar.

Kafin mu rabu mun duba asusun nata kansa, wanda ya fi hoto wuyar ƙirƙira. A Instagram akwai wurin da aka rubuta About this account, yana nuna watan da aka buɗe asusu da ko an taɓa canja masa suna. Nata wata huɗu ne da buɗewa, an canja suna sau biyu. Babu 'yar'uwa ko abokiyar makaranta da ta taɓa yi mata magana a ƙarƙashin hoto, masu yabon duk maza ne daga ƙasashe barkatai. Sunan dandalin kirifton da ya zuba kuɗin kuma ba mu same shi a jerin kamfanonin da hukumar SEC ta yi wa rajista ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa a ranar, kada ya bari ya kwana, domin sa'o'in farko ne ake da ɗan fatan tare su. Ya adana hirar da lambobin asusu da rasit kafin ya toshe mutumin, ya kai wa EFCC ko 'yan sanda, kuma ya gaya wa wani nasa ko da kunya za ta kashe shi. Ku kuma 'yan'uwa, in an zo muku da irin wannan labari, ku riƙe dariyarku, domin tsoron ita ne ke sa mutum ya ci gaba da biya a ɓoye.

Alhaji bai zuba miliyan biyun ba. A daren ya kira ta ta bidiyo ya ce ta juya ya ga gashinta ta gefe, wayar ta katse. Da safe ya tarar ta toshe shi.